Yadda Ake Gano Lokacin Ninkawa da Saurin Haɓakar Annoba Daga Alƙaluman Masu Kamuwa

A makonnin farko na ɓarkewar cuta mai yaɗuwa, abin da shugaban asibiti ko kwamitin yaƙi da annoba yake son ji daga jami'in sa ido shi ne kwana nawa adadin masu kamuwa yake ɗauka kafin ya ninka, domin da wannan ne zai san ko gadaje arba'in ɗin da yake da su za su kai ƙarshen wata, ko kuwa za su cika kafin Juma'a mai zuwa. Na sha yin wannan lissafi, wani lokaci da kwamfuta, wani lokaci a bayan takardar rahoto da biro, kuma abin da na gani shi ne lissafin kansa ba ya wuce minti biyar, amma tantance alƙaluman da za a zuba a cikinsa shi ne yake cin yini guda.

Zan yi amfani da alƙaluman korona na ƙasar Italiya na watan Maris na 2020, waɗanda hukumar kare fararen hula ta ƙasar take sanarwa kowace yamma, saboda a jere suke kullum babu tsallake, kuma a cikinsu akwai wata rana mai ruɗi da za ta koya mana darasi.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne jerin adadin masu kamuwa tare da kwanan watansu, aƙalla na kwana bakwai zuwa goma a jere, daga tushe ɗaya. Kada ka haɗa adadin da ka ji a rediyo da wanda ka gani a rahoton hukuma, domin sau da yawa ba a sa'a ɗaya aka rufe ƙidayarsu ba. Na biyu, kalkuleta mai maɓallin da aka rubuta ln a kansa. Yawancin wayoyin hannu suna da shi idan ka juya wayar a kwance ko ka buɗe sashen lissafin kimiyya. Na uku, takarda mai layi da biro. Idan kana da Excel ko Google Sheets aikin zai fi sauƙi, amma ba dole ba ne, kuma zan nuna hanyar da ake bi ko da kalkuleta babu.

Abin da ya kamata ka fahimta tukuna

A farkon annoba kusan kowa a gari yana iya kamuwa, don haka kowane mai ciwo yana shafa wa wasu, su ma su shafa wa wasu. Saboda haka adadin ba ya ƙaruwa da ƙayyadadden yawa kullum, yana ƙaruwa ne da ƙayyadadden kaso na abin da ake da shi. Idan yau mutum ɗari ne gobe ɗari da ashirin, to ranar da suka kai dubu, washegari dubu da ɗari biyu za a gani. Wannan saurin shi ake rubutawa da harafin r, kuma daga gare shi ake samun lokacin ninkawa, wanda zan rubuta Td. Ƙa'idojin biyu ne kacal:

```
r  = ln(N2 / N1) / t
Td = 0.693 / r
```

N1 shi ne adadin farko, N2 adadin baya, t kuma yawan kwanakin da ke tsakaninsu. Lambar 0.693 ita ce abin da kalkuleta take bayarwa idan ka danna ln na 2.

Mataki na 1: Jera alƙaluma, ka raba jimilla da sababbin kamuwa

Yi shafi uku: kwanan wata, jimillar waɗanda aka tabbatar tun farkon annoba, da sababbin da aka samu a ranar. Idan jimilla kawai aka ba ka, cire ta jiya daga ta yau ka sami sababbi. Ga na Italiya:

| Rana | Jimilla | Sababbi |
|---|---|---|
| 1 ga Maris | 1,694 | 566 |
| 2 ga Maris | 2,036 | 342 |
| 3 ga Maris | 2,502 | 466 |
| 4 ga Maris | 3,089 | 587 |
| 5 ga Maris | 3,858 | 769 |
| 6 ga Maris | 4,636 | 778 |
| 7 ga Maris | 5,883 | 1,247 |
| 8 ga Maris | 7,375 | 1,492 |
| 9 ga Maris | 9,172 | 1,797 |
| 10 ga Maris | 10,149 | 977 |
| 11 ga Maris | 12,462 | 2,313 |

Ka kuma rubuta a saman takardar wane irin kwanan wata ne wannan: ranar da ciwo ya fara wa mutum, ranar da aka ɗauki samfurinsa, ko ranar da aka sanar da sakamako. Na Italiya ɗin nan ranar sanarwa ce. Ranar fara ciwo ta fi nuna gaskiyar yaɗuwa, amma tana da nata tarko, domin kwanakin ƙarshe kullum suna bayyana kamar adadi yana sauka, alhali waɗanda ciwo ya kama shekaranjiya ba su riga sun iso asibiti ba. Idan da ita kake aiki, ajiye kwanakin ƙarshe gefe, gwargwadon jinkirin da ka san ana samu tsakanin fara ciwo da fitar sakamako a wurinku.

Mataki na 2: Tabbatar cewa haɓakar ta ninki ce kafin ka lissafa komai

Ƙa'idojin nan za su ba ka amsa ko da alƙaluman ba su dace da su ba, don haka gwajin yana wuyanka. Raba jimillar kowace rana da ta ranar da ta gabace ta. Daga 2 zuwa 9 ga Maris za ka sami 1.20, 1.23, 1.23, 1.25, 1.20, 1.27, 1.25 da 1.24. Dukansu suna kai-komo ne tsakanin 1.20 da 1.27 ba tare da sun karkata sama ko ƙasa ba, kuma wannan ita ce alamar da ake nema. Da a ce sun tafi 1.25, 1.20, 1.16, 1.13, kullum suna raguwa, da sai mu ce lamba ɗaya ba za ta wakilci makon ba.

A nan ne kuma ake tambayar yadda cutar take yaɗuwa. Idan mutum talatin suka kwanta da amai da gudawa cikin kwana biyu bayan sun sha ruwan rijiya ɗaya ko sun ci abincin biki ɗaya, adadin zai tashi farat ɗaya sannan ya sauka, domin tushen ciwon guda ne, ba mutum ne yake shafa wa mutum ba. Lissafa wa irin wannan lokacin ninkawa ɓata tawada ne. Lissafin ya fi dacewa da cututtuka irin su ƙyanda, korona da ebola, a lokacin da suke bin mutane ɗaya bayan ɗaya a cikin gari.

Mataki na 3: Lissafa daga ranaku biyu

Zaɓi ranaku biyu da ke da tazarar kwana bakwai, ko goma sha huɗu. Dalilin bakwai shi ne ɗakunan gwaji da ofisoshi ba sa aiki iri ɗaya a ranakun mako, don haka idan ka kwatanta Lahadi da Lahadi, ko Juma'a da Juma'a, ragin ƙarshen mako zai shafi ɓangarorin biyu daidai. Ranakun 1 da 8 ga Maris na 2020 duka Lahadi ne.

```
7375 / 1694   = 4.354
ln(4.354)     = 1.471
r  = 1.471 / 7     = 0.210
Td = 0.693 / 0.210 = 3.3
```

Wato a wannan makon jimillar masu korona a Italiya tana ninkawa duk kwana uku da sulusi, ko kusa da haka.

Kurakurai biyu ne suka fi kama sabon shiga a nan, kuma duka biyun suna sa annoba ta bayyana da sauƙi fiye da yadda take. Na farko shi ne ƙirga layuka maimakon tazara: daga 1 zuwa 8 ga wata layi takwas ne a takarda, amma kwana bakwai ne suka wuce. Wanda ya raba da takwas zai sami kwana 3.8. Na biyun ya fi muni, shi ne danna maɓallin log maimakon ln, ga su kuwa maƙwabtan juna a kalkuleta. Maɓallin log zai ba ka 0.639 a madadin 1.471, kuma idan ka ci gaba da 0.693 za ka ƙare da kwana 7.6, fiye da ninkin amsar gaskiya. Na taɓa miƙa rahoto da irin wannan kuskure, sai wani abokin aiki ya dubi takardar ya ce: "Malam, adadin nan ya ninka sau biyu da ɗoriya a mako guda, ta yaya za a ce sai bayan mako yake ninkawa?" Tun daga ranar nake yin wannan gwajin na ido kafin in sa hannu. Idan log kaɗai kalkuletarka take da shi, yi amfani da shi, amma ka sa 0.301 a gurbin 0.693, amsar Td za ta fito daidai.

Mataki na 4: Mayar da r zuwa kaso cikin ɗari

Lambar 0.210 ba tana nufin ƙarin kashi 21 cikin ɗari a kullum ba, ko da yake ta yi kusa. Don samun ƙarin kullum, danna maɓallin e^x a kan r, ka cire ɗaya:

```
e^0.210 - 1 = 0.234
```

Ƙarin kullum kashi 23 ne da ɗan ɗori, kuma ka ga ya yi daidai da rabe-raben da muka samu a mataki na biyu. Bambancin yana da amfani saboda dabarar nan da mutane suka sani ta raba 70 da kason ƙari. Tana aiki sosai idan ƙarin bai wuce kashi goma ba, amma a nan 70 a raba da 23.4 zai ba da kwana 3.0, ƙasa da 3.3 na gaskiya. Don magana a taro ba laifi, amma ba na rubuta ta a rahoto.

Idan babu kalkuleta

Ɗauki jimillar ranar ƙarshe ka raba ta biyu, sannan ka bi shafin a baya har ka sami ranar da adadin yake haka. Rabin 7,375 shi ne kimanin 3,690, kuma wannan ya faɗo tsakanin 4 ga Maris mai 3,089 da 5 ga Maris mai 3,858, ya fi kusa da ta biyun. Daga nan zuwa 8 ga wata kwana uku ne da ɗan abin da ya hau. Ka sake rabawa: rabin 3,690 kimanin 1,845 ne, wanda ya faɗo tsakanin 1 da 2 ga Maris, shi ma kwana uku da wani abu. Ninkawa biyu a jere sun ba da amsa iri ɗaya, kuma ita ce ta kalkuleta. Ko kana da kwamfuta, wannan hanyar ce mafi sauri ta kama kuskure.

Mataki na 5: Yi amfani da dukan ranakun

Raunin lissafin ranaku biyu shi ne ya dogara kacokan a kan waɗannan biyun, kuma idan ɗaya ta zo da matsala, amsar ta tafi. Dubi 10 ga Maris. Sababbin kamuwa sun faɗo daga 1,797 zuwa 977, kuma wanda ya lissafa da jimilla daga 9 zuwa 10 ga wata zai sami lokacin ninkawa na kusan kwana bakwai. Abin ya zo ne daidai ranar da dokar kulle ta duk ƙasa ta fara aiki, don haka da sauƙi mutum ya ce dokar ce ta yi tasiri. Amma ba zai yiwu ba, domin waɗanda aka tabbatar a ranar sun kamu ne mako guda ko fiye kafin nan. Gaskiyar ita ce alƙaluman lardin Lombardiya, inda cutar ta fi tsanani, ba su iso cikakku ba a ranar, kuma washegari sababbi suka tashi zuwa 2,313. Duk ranar da ka ga faɗuwar bazata sannan tashin bazata ya biyo, haɗa su biyu ka raba: 977 da 2,313 matsakaicinsu 1,645 ne, wanda bai yi nisa da kwanakin da suka gabata ba.

Maganin wannan shi ne ɗaukar ln na kowace rana, a zana su a kan takarda da lambar rana a ƙasa. Idan haɓakar ta ninki ce, ɗigogin za su jeru a kan miƙaƙƙen layi, kuma gangaren layin shi ne r. A Excel, sa lambar rana daga 0 zuwa 7 a B2 zuwa B9, jimilla a C2 zuwa C9, sannan:

```
D2:  =LN(C2)
F1:  =SLOPE(D2:D9,B2:B9)
F2:  =LN(2)/F1
```

Ja D2 zuwa D9. Da alƙaluman 1 zuwa 8 ga Maris, F1 zai nuna 0.210, F2 kuma 3.3. Daidaituwar wannan da amsar mataki na uku ita ce shaidar cewa makon yana da tsabta. Idan amsoshin biyu suka saɓa sosai, koma kan zanen ka nemo ɗigon da ya fita layi, ka kira wanda ya aiko da adadin ka tambaye shi abin da ya faru ranar. Idan da sababbin kamuwa kake aiki kuma wata rana ta zo da sifili, Excel zai ƙi, domin sifili ba shi da ln. A nan sai ka tara su mako-mako.

Mataki na 6: Koma kan sababbin kamuwa da zarar ka iya

Jimilla tana da santsi, shi ya sa ake son ta, amma ba ta taɓa sauka, kuma tana ɗauke da nauyin duk abin da ya wuce. A ce gari yana samun sababbi ɗari a kullum, babu ƙari babu ragi. Jimilla za ta tashi daga dubu zuwa dubu biyu cikin kwana goma, ƙa'idar kuma ta ba ka lokacin ninkawa na kwana goma, alhali annobar tana tsaye cak. Jimilla tana da amfani ne a 'yan makonnin farko kawai, lokacin da ita da sababbi suke tashi da sauri ɗaya.

Ga yadda tazarar ta fara buɗewa a Italiya. Ranar 15 ga Maris jimilla ta kai 24,747. Daga 8 zuwa 15 ga wata, lissafin jimilla yana ba da kwana 4.0. Amma idan ka tara sababbi mako-mako, na 2 zuwa 8 ga Maris 5,681 ne, na 9 zuwa 15 kuma 17,372. Rabonsu 3.06, ln ɗinsa 1.118, a raba da bakwai a sami 0.160, wato kwana 4.3. Yayin da annoba take lafawa wannan tazarar ƙaruwa take yi, har r na sababbi ya sauka ƙasa da sifili. Idan haka ta faru, lambar da ka samu daga raba 0.693 da shi, idan ka cire alamar ragi da ke gabanta, ta zama kwanakin da adadi yake ɗauka kafin ya ragu da rabi.

Mataki na 7: Tambayi ko hanyar ƙidaya ta canza

Mutane sukan ce lissafin banza ne tun da ba kowane mai ciwo ake gwadawa ba. Wannan ba daidai ba ne. Idan mutum ɗaya cikin goma ake ganowa a farkon mako, haka kuma a ƙarshensa, to rabon N2 da N1 bai canza ba, kuma r yana nan daidai. Abin da yake lalata lissafi shi ne canjin wannan kason a tsakiyar kwanakin da ka zaɓa: an buɗe sabon ɗakin gwaji, sinadarin gwaji ya ƙare, an fara bi gida-gida, ko an sauya sharaɗin wanda za a ƙirga. A tsakiyar Fabrairun 2020 lardin Hubei na China ya sanar da sababbi kusan 15,000 a rana ɗaya, saboda an fara ƙirga waɗanda likita ya tabbatar da alamomi da hoton ƙirji ba tare da jiran gwaji ba. Duk lissafin da ya ratsa wannan ranar ba ya nuna yaɗuwar cuta.

Don haka ka ajiye yawan gwajin kullum kusa da adadin masu kamuwa. Idan gwaji ya ninka, masu kamuwa suka ninka, kason waɗanda ake samu da cutar bai motsa ba, to akwai alamar ƙarin gwaji kake aunawa. Idan gwajin wurinku ba abin dogaro ba ne, lissafa da adadin waɗanda aka kwantar ko waɗanda suka rasu, ka dai san cewa labarin makonni biyu ko uku da suka wuce suke ba ka. Ka kuma cire baƙin da suka shigo da cutar daga waje. Mutum na farko da aka tabbatar da korona a Nijeriya, ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, daga Italiya ya taho, kuma da yawa daga waɗanda suka biyo baya a makonnin farko matafiya ne. Ƙaruwar irin waɗannan tana nuna abin da ke faruwa a ƙasashen da suka baro.

Mataki na 8: Auna girman rashin tabbas

Ƙananan lambobi suna rawa da sa'a kawai. Ga hanya mai sauƙi ta auna rawar idan N1 da N2 sababbin kamuwa ne na makonni biyu a jere:

```
k = 2 * sqrt(1/N1 + 1/N2)
```

Kalmar sqrt tana nufin maɓallin √ na kalkuleta. Cire k daga ln(N2/N1), ka kuma ƙara shi, sannan ka raba kowanne da bakwai ka lissafa Td da shi. A ce ƙaramar hukuma ta sami mutum 100 a makon jiya, 200 a wannan makon. Amsar tsakiya kwana bakwai ce, k kuma 0.245, don haka gaskiyar tana iya zama ko'ina daga kwana biyar zuwa kusan goma sha ɗaya. Idan kuwa mutum 5 ne suka koma 10, k ya kai 1.1, ya fi 0.693 ɗin kansa, ma'ana alƙaluman ba su isa su tabbatar ma cewa ana ƙaruwa ba. Kuma wannan iyaka mafi ƙanƙanta ce, domin ba ta lissafa jinkirin rahoto ko kamuwar gida guda gaba ɗaya ba. Ni dai ba na ba da lokacin ninkawa a rubuce sai adadin mako ya kai gomomi; kafin nan sai in ba da adadin yadda yake.

Mataki na 9: Hasashe, da yadda ake rubuta sakamako

Don hasashe, ninka adadin ƙarshe da e^(r × t). Daga 7,375 na 8 ga Maris, hasashen kwana ɗaya yana ba da kimanin 9,100, kuma abin da aka sanar 9,172 ne. Hasashen mako guda yana ba da kimanin 32,100, amma abin da ya zo 24,747 ne, an zarce da fiye da dubu bakwai, saboda saurin ya riga ya fara raguwa. Kada hasashenka ya wuce ninkawa ɗaya ko biyu, kuma ka sake lissafi duk bayan kwana biyu ko uku da sababbin alƙaluma. Kada kuma ka ari lambar wani wuri ka ɗora wa naka: a annobar ebola ta 2014, a watan Satumba, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ninkawa cikin kwana kusan 16 a Gini, 24 a Laberiya, 30 a Saliyo, ga cuta ɗaya a ƙasashe uku masu iyaka da juna.

A rahoto, lambar ba ta tafiya ita kaɗai. Rubuta wurin, kwanakin da ka yi amfani da su, irin adadin da irin kwanan watan, sannan ka taƙaita amsar zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo. Na misalinmu zai kasance haka: "A Italiya, daga 1 zuwa 8 ga Maris 2020, bisa jimillar waɗanda aka tabbatar a ranar sanarwa, adadin yana ƙaruwa da kimanin kashi 23 cikin ɗari a kullum, yana ninkawa duk kwana 3.3. Idan saurin bai canza ba, za a kai kimanin 14,700 tsakanin 11 da 12 ga Maris." Abin da aka sanar ranar 11 ga wata 12,462 ne, ranar 12 kuma 15,113.